An ce in aje injin jona faiba in riƙe mutum shida, ku ba ni shawara

Nura: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta hana ni barci kwana uku, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai manyanmu a ciki. Shekarata takwas ina aikin faiba da rauta a wani kamfanin intanet nan cikin Katsina. Ranar Litinin maigidanmu ya kira ni ofis, ya ce wanda ke riƙe da sashen ma'aikatan fili zai koma Abuja ƙarshen wata, yana so in karɓi kujerar. Mutum shida za su dawo ƙarƙashina, da ƙarin naira dubu 70 a albashi. A gida kowa murna yake, har an fara kirana manaja. Ni kuwa gabana faɗuwa yake. Na taɓa yin riƙon ƙwarya na sati biyu lokacin da mutumin ya tafi Umara, kuma ban ji daɗin sati biyun nan ba ko kaɗan. Ga shi cikin shidan akwai Malam Sani, wanda shi ya fara koya mani riƙe abin yanka faiba. In karɓa ko in ba da haƙuri?

Bashir Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumussalam. Haba Nura, wannan ai ba abin shawara ba ne. Arziki ya zo har ƙofa ka tsaya tambayarsa daga ina yake? Karɓi abinka, ka huta da hawan turken wuta cikin rana.

Injiniya Lawal: Bashir, sannu da gaggawa. Nura, ƙanena, kafin in ce komai ina so ka ba mu labarin sati biyun nan. Kada ka ce mana "ban ji daɗi ba" kawai. Ɗauki rana guda ka faɗa mana yadda ta tafi, tun daga safe.

Nura: To Injiniya, bari in ɗauki ranar da ta fi tsaya mani a rai. Na shigo ƙarfe takwas saura, na ishe ƙorafi tara na jira. Na raba aiki, sai aka tashi rigima kan mota, don guda ɗaya gare mu, kuma injin jona faiba ma guda ɗaya ne. Wajen ƙarfe goma na tura wani yaronmu, Abba, gidan wani kwastoma a Layout da intanet ɗinsa ke ɗaukewa tana dawowa. Na duba daga ofis na ga hasken da ke isa akwatinsa -29 dBm ne, alhali irin akwatunan nan da an wuce -27 sai a hankali. Abba ya yi awa huɗu a gidan. Sau uku yana yanke jonin yana sakewa, lamba ba ta motsa ba. Mai gidan ya kira ni sau biyar, na ƙarshe har da cewa ko makaranta muka mayar da gidansa. Bayan la'asar na hau mashin na je da kaina. Ina buɗe akwatin da ke jikin bango na ga an naɗe wayar an matse ta a lungu kamar igiyar guga. Na warware ta, na goge kan fulogin, haske ya dawo -20. Minti ashirin ban cika ba. Da na dawo ofis kuma na ishe rahoton da maigida ke jira ban rubuta ko layi ɗaya ba, sai da na kai ƙarfe tara na dare. A ranar na ce wa kaina wannan wahala ce kawai, abin da zan yi a minti ashirin in zauna ina jiran wani awa huɗu.

Injiniya Lawal: Madalla, yanzu muka samu abin magana. Tambaya ɗaya: da ka warware wayar, Abba yana ina?

Nura: Yana waje yana haɗa kaya. Na ce masa ya bari kawai in duba.

Injiniya Lawal: To ka ga inda gizo ke saƙa. A matsayin ma'aikacin fili ka ci ranar nan, a matsayin shugaba ka faɗi. Gobe in aka tura Abba wani gida mai irin wannan matsala, awa huɗun zai sake yi, kai kuma ka sake hawa mashin.

Bari in faɗa maka yadda za ka yi aikin nan kana zaune, da waya kawai. Bayan minti talatin ka kira shi ka ce: je turke ka auna haske a bakin sifilita, nawa ka gani? Ya ce maka -19. To auna a ƙarshen wayar cikin gida, nawa? Ya ce -29. Sai ka tambaye shi tsawon wayar, ya ce kamar mita ɗari biyu. Ka ce masa shi ya yi lissafin: faiba ba ta cin ko rabin dB a kilomita guda, joni mai kyau bai kai 0.1 ba, to ina dB goma suka shiga a mita ɗari biyu? Tunda ya sake joni lamba ba ta motsa ba, ba jonin ba ne. Saura lanƙwasa ko datti a kan fulogi. Ka ce ya sa tocilan mai jan haske a bakin wayar ya bi ta, inda ta lanƙwashe zai ga ja na tsiyaya. Wannan zai ci maka minti goma a waya, zai ci masa wataƙila awa guda. Ya fi naka minti ashirin tsawo, amma sau ɗaya za ka biya.

Abin da nake so ka gane shi ne, ba ƙarin girma aka yi maka tayi ba, sauyin sana'a ne. Shekara takwas ana auna ka da abin da hannunka ya gyara. Daga ranar da ka hau kujerar, da abin da hannun mutum shida ya gyara za a auna ka, naka hannun ba ya cikin lissafi. Kuma a sabuwar sana'ar kai ɗan koyo ne, kamar ranar da Malam Sani ya fara miƙa maka waya.

Bashir Ƙofar Ƙaura: Duk da haka Injiniya, dubu 70 ba wasa ba ce a wannan zamani.

Nura: Bashir, na zauna na yi lissafin jiya. In muka fita wajen gari, Mani ko Rimi ko Kankiya, ana ba mu alawus dubu 4 a rana, kuma nakan fita kamar sau takwas a wata. Dubu 32 ke nan, shugaban sashe ba ya samunta don ba ya fita. Sannan Asabar da Lahadi ina 'yan buga-bugata, in saita wa makaranta ko otal rauta, in ɗaura kyamara, a wata ba na rasa dubu 50. Wanda zai tafin nan ban taɓa ganin ya yi Asabar cikakkiya a gida ba, wayarsa ce lambar da manyan kwastomomi ke kira. To 82 za ta fita, 70 ta shigo.

Bashir Ƙofar Ƙaura: Au, ashe da ragi ma. To ka ce masa ya ƙara.

Malam Kabir: Salamu alaikum, yanzu na ga maganar. Ni shawarata kada ka ƙi. Mu a aikin gwamnati wanda ya ƙi muƙami an gama da shi, sunansa ba ya sake tashi. Ni na shekara ina mataki na 12 saboda irin wannan. Ka tabbatar dai sun ba ka takarda a rubuce kuma ta shiga fayil ɗinka.

Usman Daura: Malam Kabir, kamfani ne mai zaman kansa na mutum goma sha, ba sakatariya ba. Babu mataki babu fayil. Amma maganar takarda gaskiyarka ce, zan dawo kanta.

Nura, ni na bi hanyar nan na dawo, don haka ka ji daga bakin wanda ya ɗanɗana. Na riƙe mutum biyar a nan Daura shekara biyu da rabi. Abin da ba wanda ya gaya mani shi ne, wanda ya maye gurbina a fili babu shi. An ba ni kujera, ba a ɗauke mani kayan aiki ba. Da rana ina mitin da rabon aiki da sauraren wanda matarsa ba lafiya, da dare ina saita rauta saboda har yanzu ni kaɗai na san yadda aka ƙulla komai. Taura biyu ba ta taunuwa, ni na gwada, haƙori ne ya sha wuya. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa maigidanku ita ce: aikin da nake yi yanzu, wa zai yi shi daga ɗaya ga wata? In ya ce "ai kana nan, za ka riƙa taimaka masu", to ka san aiki biyu ya saya da dubu 70.

Na biyu, laifin kowa naka ne. Akwai daren da wani yarona ya shiga rautarmu ta Mai'adua daga nesa zai toshe wasu masu ƙwanƙwasa mata. Ya sa dokar `drop` a layin `input`, ya ɗora ta sama da dokar da ke ba ofishinmu izinin shiga. Nan take ya kulle kansa waje, ya kulle ni, kwastomomin da ke karɓar DNS a wurin rautar kuma duk suka tsaya. Ƙarfe goma na dare muka hau mashin, sai da na soka waya a jikinta na shiga Winbox, manhajar da ake saita rautar da ita, ta adireshin MAC sannan na cire dokar. Washegari maigida bai tambayi sunan yaron ba ma. Ni ya tsare.

Sadiq: Oga Usman ai da yaron ya yi wannan kafin ya taɓa komai da ba a kai ga haka ba:

```
/export file=kafin-gyara
```

Ni ba na taɓa rauta sai na yi shi.

Usman Daura: Sadiq, ɗabi'a ce mai kyau, kada ka bari. Amma fayil ɗin yana cikin rautar da ba ka iya shiga, ko yana kwamfutarka ba ka da hanyar mayar da shi. Makulli ne ka aje cikin ɗakin da ka kulle. Abin da zai cece shi a daren shi ne Safe Mode, maɓallin na nan sama a Winbox, ko Ctrl+X in a taminal kake. In ka kunna shi ka yi gyaran da ya yanke ka, rautar za ta ga zaman ya katse ta warware gyaran da kanta bayan 'yan mintoci. Ni na san wannan tun tuni, kullum ina amfani da shi, amma ban taɓa tunanin in mayar da shi doka ga yarana ba, don a kaina abu ne da kowa ya sani. Bayan daren na rubuta shi a takarda na manna a bango: ba a taɓa rautar nesa sai da Safe Mode, ba a taɓa ta bayan magariba sai an sanar da ni. Ba mu sake irin wannan tafiyar ba. Wannan takardar ta bango, ita ce aikin shugaba, kuma ba wanda zai taɓa yaba maka a kanta, don abin da bai faru ba ba a ganinsa.

Nura: To me ya sa ka sauka, Oga?

Usman Daura: Hannuna na ga yana mutuwa. Lokacin da RouterOS 7, sabuwar sigar manhajar cikin rautocin, ta fito ƙarshen 2021 sun sauya yadda ake saita OSPF da BGP, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanya, har rubutun tace hanyoyi ya zama wani abu dabam. Rannan na zauna zan gyara wani abu na ga ina lalube, yaron da na koyar ne ya nuna mani. Takardar shaidar ƙwarewata ta CCNA kuma shekara uku take yi, ta mutu ban ma lura ba. Sai na tambayi kaina, in kamfanin nan ya rufe gobe, me zan kai kasuwa? Kamfanonin da ke neman shugaban sashe tsakanin Daura da Katsina ka ƙirga su da yatsun hannu. Mai iya jona faiba da saita rauta kuwa ba ya kwana da yunwa, daga nan har Maraɗi. Na koma fili, kuma ban yi nadama ba.

Hajiya Rabi: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba 'yar faiba ba ce, ɗakin gwaje-gwaje nake riƙe da shi a wani asibiti, shekara shida ke nan. Na ga duk asara ake ta lissafa wa yaron nan, ba wanda ya faɗi riba.

Nura, ka ce injin joninku ɗaya ne, kullum ana rigima a kansa. Shekara nawa kana ƙorafin wannan? Wa ya saurare ka? Ma'aikacin fili ƙorafi yake yi, shugaban sashe lissafi yake kaiwa. In ka zauna wata guda kana rubuta aiki nawa ya kwana saboda inji na wani wuri, kwastoma nawa suka yi fushi suka tafi, ka aje takardar gaban maigida, a nan ake sayen inji na biyu. Ni shekara tara ina kan benci ina kukan yadda ake rabon aikin dare, mutum biyu ne kullum ke shan wuya. Wata uku da hawana na gyara jadawalin. Akwai yarinyar da na tsaya mata aka tura ta kwas, yau ta fi ni sanin sabon injin. Wallahi daɗin da na ji ranar da ta gano wani abu da ni ban gani ba, ban taɓa jin irinsa a kan benci ba. Amma a hankali yake zuwa. Da, kullum in na tashi na san abin da na gama. Yanzu sai in yi sati ban iya nuna abu guda in ce ga aikina ba, sai bayan wata shida ake ganin amfanin.

Abin da na rasa da ya fi yi mani ciwo kuwa ba benci ba ne, hira ce. Waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya, ina shigowa sai a yi shiru. Ba gaba ba ce, amma ke ce mai sa hannu a takardar hutu yanzu. Babba juji ne, kowa da sharar da zai kawo, kai kuma ba ka da wurin zubar da taka.

Sannan ka tuna shekaru. Yanzu kana jin ƙarfi. Ka tambayi Malam Sanin naka yadda gwiwa take bayan an sauko daga ƙarfen sabis, da yadda ido ke yi da siririyar waya in an haura arba'in da biyar.

Nura: Na gode Hajiya. Maganar Malam Sanin ita ce ta fi yi mani nauyi. Mutumin da nake durƙusawa in gaida, ta yaya zan ce masa ya makara, ko aikinsa bai yi ba?

Hajiya Rabi: Ka je gidansa kafin a sanar, kada ya ji a bakin wani. Ka gaya masa abin da aka yi maka tayi, ka nemi shawararsa da gaske, ba ta fatar baki ba. In akwai gyara tsakaninku, ku biyu, ba gaban yara ba. Kuma ka ba shi wani abu da yake nasa, kamar duba jonin yara kafin a rufe akwati, tunda nan ya fi kowa. Amma kada ka yi masa alƙawarin ɗaga ƙafa. Ranar da yara suka ga doka na tsallake mutum ɗaya, ta mutu a kan sauran biyar.

Malam Kabir: Ni dai ina ganin da shi ya kamata a ba, tunda ya riga shi shiga aiki.

Injiniya Lawal: Malam Kabir, wannan maigidansu ya san dalilinsa. Sai dai ka taɓo wani abu: yawanci wanda ya fi iya aiki ake ɗauka a ba shugabanci, ba don an ga ya iya riƙe mutane ba, sai don ba a san wata hanyar saka masa ba. Kamfani ya rasa gwanin fili, ya samu shugaba ɗan koyo. Manyan kamfanoni shi ya sa suke da tsani biyu, mutum ya yi ta hawa a matsayin babban injiniya albashinsa na ƙaruwa ba tare da ya riƙe kowa ba. Nura, ba laifi ka tambaya ko akwai wannan, ko da a ƙaramin wuri ne.

In kuma za ka karɓa, ka nemi a rubuta maka gwajin wata shida, da sharaɗin in bai yi ba ka koma aikinka da albashinka na da, ba tare da an ɗauke shi faɗuwa ba. A rubuta wanda zai gaje ka a fili. A kuma rubuta ikonka: kai ke ba da hutu? Kana iya sayen kayan dubu nawa ba sai ka jira sa hannu ba? Da bakinka a ɗaukar ma'aikaci da sallamarsa? In za a tsare ka kan aikin mutum shida amma ko fulogi ba ka iya saye, to ba shugaba aka naɗa ba, mai karɓar faɗa aka samu. Sannan ka ware rana ɗaya a sati ka riƙe kayan aiki, don hannu kada ya mutu kamar yadda Usman ya faɗa.

Usman Daura: Injiniya, duk na yarda ban da ta ƙarshen. Ni na gwada ranar nan ɗaya. Alhamis na ware. Ba a yi Alhamis uku ba ta zama ranar da ake tara mani duk aikin da ya gagara, yara suna cewa a bari Oga zai zo. Ka ga an koma gidan jiya, labarin Abba ke nan.

Injiniya Lawal: Don ka ɗauki aikin kwastoma ne. Ni ba shi nake nufi ba. Aikin da ba wanda ke jiransa za ka ɗauka: gwada sabuwar siga a kan tsohuwar rauta a ofis, bin layi da OTDR, injin auna layin faiba, ka zana taswirar inda kowane joni yake, irin wannan. In mitin ya taso ka aje, ba wanda intanet ɗinsa zai ɗauke.

Usman Daura: A wurin mutum shida da mota ɗaya, ranka ya daɗe, aikin da ba wanda ke jira ba ya rayuwa. Ranar da motar yashi ta tsinke babban layi, shugaba ma tsani zai ɗauka. Kuma gwajin wata shidan, a takarda yana da kyau, amma a garin nan in an kira ka manaja wata shida ka koma hawa turke, cewa za a yi an sauke ka. Ni na sha wannan, har surukina sai da ya tambaya ko wani laifi na yi.

Hajiya Rabi: Wannan kam gaskiya ne, takarda ba ta rufe bakin mutane.

Sadiq: Oga Nura in ka karɓa kuna ɗaukar sabon mutum a gurbin naka? Ina da HND daga kwalejin Hassan Usman, kuma na iya joni.

Bashir Ƙofar Ƙaura: Kai Sadiq, ba a mutu ba ka fara rabon gado.

Nura: Sadiq ka bari mu ga ko akwai gurbin tukuna, don ita ce tambayar da zan fara yi masa, kamar yadda Oga Usman ya ce. In babu wanda zai gaje ni, haƙuri zan ba shi. In akwai, zan nemi wata shidan da maganar iko a rubuce, in kuma gaya masa lissafin 82 da 70. Har yanzu ban san ko zan iya zama ina jin yaro na lalube a waya ban hau mashin ba, wannan ita ce gaskiya. Gobe bayan isha'i zan je gidan Malam Sani. Injiniya, da safe akwai wani gida a Sabuwar Unguwa da ke nuna -28, Abba zan roƙa a tura, ni in tsaya a waya in gwada yadda ka ce.

Injiniya Lawal: Ka ba shi tocilan mai jan hasken tun daga ofis, kuma ka bar makullin mashin ɗinka wurin mai gadi.